Murya ta ƙare, hotuna na ta tafiya

Tambaya: Salam malam, na haɗa hotuna 18 na ginin gidanmu tun daga fandisho har fenti a manhajar haɗa bidiyo ta CapCut, ina so in ɗora murya ba tare da fuskata ta fito ba. Amma in na karanta abin da na rubuta sai hoto ya wuce ban gama magana ba, wani wurin kuma na gama magana hoto yana nan tsaye. Ya zan yi?

Amsa: Wa'alaikumus salam. Ai ka fara ta baya ne, murya ake fara ɗauka sannan a auna hotuna a kanta, don hoto ana ja a tsawaita shi ko a rage shi yadda aka ga dama, murya kuwa in ka ƙara mata gudu sai ka ji kamar wani ne ba kai ba.

Kafin ka rubuta komai, kunna agogon waya ka karanta wani rubutu da ƙarfi na sakan 30 a natse, ka ƙirga kalmomin. A ce ka samu 60, wato kalma 2 a sakan kenan. In kana son bidiyon ya yi minti ɗaya da rabi, kowane hoto zai samu sakan 5, cire sakan ɗaya na shiru don ido ya fara ganin hoton kafin kunne ya ji magana, saura 4, kalma 8 ko 9 kenan a hoto, gaba ɗaya wajen 150. In rubutunka ya kai 300 to ga matsalar nan.

Ta ina za ka rage? Goge duk abin da hoton ya riga ya faɗa. Hoton ramin fandisho cike da ruwa, ka ce "a wannan hoton kamar yadda kuke gani ga ramin fandisho", to mai kallo ai ba makaho bane, kalma 10 sun tafi a banza. Ka ce "sau biyu ruwan sama yana cike mana ramin nan", kalma 9, kuma ka ba shi abin da ido bai gani ba. Ni "kamar yadda kuke gani" ɗin nan ita ce ta fi ban haushi wallahi. Sannan tunda ba a ganinka, jimlar farko ta faɗi ko wanene ke magana, in ba haka ba mutum zai yi ta neman mai muryar cikin leburorin da ke hoton.

Ka sa lambar hoto a gaban kowane layi, ka yi rikodin a ɗaki mai labule da katifa, waya kamar taƙi ɗaya daga baki, ka ɗan tsaya tsakanin layi da layi. In ka shigo da muryar cikin CapCut za ka ga zanen sautinta ya kwanta a wuraren da ka yi shiru, nan za ka ja gefen hoto ya ƙare. Wasu hotunan kuma, kamar na ranar ɗora kwano, bar su ba magana ko kaɗan.