Kwasar adashi da wuri bashi ce, ba riba ba

Tambaya: Malam, ina sana'ar ƙuli-ƙuli da man gyaɗa a Pantami, Gombe. Mu goma ne a adashi, zubin N10,000 duk mako. Na kwasa ta biyu, N100,000, na zuba a gyaɗa. Ribata kamar N6,000 ce a mako. Yanzu mako na shida, jarin sai raguwa yake. In shiga wani adashin in cike gurbin?

Amsa: Hajiya, kada ki soma. Ranar da kika kwashi dubu ɗarin nan, N20,000 ce kaɗai taki. Sauran N80,000 kuɗin mata takwas ne da suka ba ki rance ba ruwa. Ke kuwa kin karɓa kamar gado aka raba.

To zo mu yi lissafi. Sana'ar tana ba ki shida, uwar adashi tana jiran goma. Cikon huɗun daga ina? Daga kuɗin gyaɗar gobe. Zubi huɗu kenan tun bayan kwasarki, N16,000 ta fita daga jari, kuma kafin a kai ƙarshen layi za ta kai N32,000. Wannan ma idan ribar ta tsaya cak ne, alhali duk mudun da kika rage saye yana rage man da za ki matse. Ina ma shakkar dubu shidan. Kin cire itace da kuɗin niƙa? Kwalbar man da ake zubawa a miyar gida fa, da ƙulin da yara ke dumbuza a faranti?

Akwai wata tela da na sani, adashi uku ta riƙe, tana kwasa nan tana zubawa can. Wata biyar ana yaba mata cika alkawari. Ranar da ɗaya layin ya watse, da idona na ga an ɗora kan kekenta a bayan mashin za a kai dillali, tana tsaye a ƙofar zaure da almakashi a hannu.

Saura zubi huɗu, kuma dole ki biya, amana ce. Amma cikon N16,000 ɗin ya fito daga wajen sana'a. Ki yi wa maigida bayani, ko ki sayar da kaji, ki kuma bi masu shagunan da kike bai wa mai bashi. Kuɗin gyaɗa ki ƙulle shi daban tun ranar ciniki.

Zagaye na gaba kada zubinki ya wuce rabin ribarki, wato N3,000, ko da sai kun haɗa hannu ɗaya ku huɗu. Sannan ki roƙi uwar adashi kwasarki ta faɗo a kaka, wajen Oktoba zuwa Nuwamba, lokacin da sabuwar gyaɗa ke cika kasuwa da araha. Kuɗin da kika kwasa da bazara gyaɗa kaɗan zai saya miki.