Wa ke sikanin wa a biyan kuɗi da QR?

"Don Allah meye bambanci in ni na yi sikanin lambar QR ta shago, da in mai shago ne ya yi sikanin ta wayata? Ba duka ɗaya ba ne?"

Ba ɗaya ba ne ɗan'uwa, abin dubawa shi ne wa ke tura umarnin biya. In kai ka yi sikanin ta shago, kamar NQR, lambar QR da NIBSS, kamfanin da ke haɗa biyan kuɗi tsakanin bankunan Najeriya, ya fito da ita a 2021, bayanin asusun mai shago ne ke cikin lambar, manhajar bankinka ta nuno sunansa, ka rubuta adadi in sitika ce da aka manna, ka sa PIN, kuɗi su fita. Dole wayarka na da data.

Ka ce ka sayi buhun albasa na dubu 40 a kasuwar Mile 12 ta Legas, kafin PIN tsaya ka karanta sunan da ya fito ka tambayi mai kaya ko shi ne, domin ɓarayi kan manna tasu sitikar a kan ta gaskiya, in kuɗin suka tafi wani asusu dawo da su wahala ce sosai wallahi.

In kuwa mai shago ne zai yi sikanin, wayarka ce ke nuna lamba, kashiya ya rubuta adadi a na'urarsa ya yi sikanin, shi ke jawo kuɗin, an fi yin haka a China. Lambar tana canzawa bayan ɗan lokaci kaɗan, amma kafin ta mutu duk wanda ya samu hotonta zai iya cirar maka kuɗi, shi yasa kar ka taɓa tura wa kowa sikirinshot ɗinta. Kuma ka duba alat nan take, tunda ba kai ka rubuta adadin ba.