Fanshin ɗina yana da wurin tsayawa, me ya sa ya ƙi tsayawa?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Na rubuta fanshin mai kiran kansa a Python, na kuma sa masa sharaɗin tsayawa. Idan na ba shi 6 sai ya yi daidai, idan na ba shi 7 sai ya kawo `RecursionError`. Wani ya ce in ɗaga iyaka da `sys.setrecursionlimit`. Jarrabawa ta matso, kaina ya ɗaure.

```python
def tara(n):
    if n == 0:
        return 0
    return n + tara(n - 2)
```

Amsa: Ka kwantar da hankalinka, gyaran bai wuce alama ɗaya ba, amma ina so ka gano ta da idonka. Ɗauki takarda ka bi kiran 6 tukuna. `tara(6)` ba zai iya ba da amsa ba sai ya ji daga `tara(4)`, shi ma yana jiran `tara(2)`, wanda ke jiran `tara(0)`. Kowane kira yana riƙe da nasa `n`, ba ya taɓa na ɗan'uwansa, kuma duk suna jibge ɗaya a kan ɗaya. Da na ƙarshe ya mayar da 0, sai amsa ta biyo hanyar da aka sauka: 2, sannan 6, sannan 12.

To, maimaita da 7. Za ka rubuta 7, 5, 3, 1, sai kuma -1. An tsallake sifiri ba a taka shi ba, kuma daga nan kowane kira ƙara nisa yake yi da wurin tsayawa. Rubuta sharaɗin tsayawa bai wadatar ba, wajibi ne duk lambar da za a iya ba fanshin ta kai shi ga wannan sharaɗi. Mayar da `n == 0` zuwa `n <= 0`, sai 7 ta ba ka 16.

Shawarar ɗaga iyaka kuwa ita ce ta fi damuna, domin kusan kullum sai na ci karo da ita a aikin ɗalibai, kuma masu yaɗa ta ba sa ko duba kod ɗin kafin su furta ta. Python yana barin kira ya jibgu har zurfin 1000 idan ba a taɓa saitinsa ba. An sa wannan iyaka ne don ta kare ka, saboda kowane kira da ke jira yana cin wuri a memori. Fanshin ɗinka da aka ba 7 ba shi da ƙarshe ko kaɗan, don haka ko miliyan ka mayar da iyakar, ko dai kuskuren ya dawo bayan ya cinye memori mai yawa, ko shirin ya mutu gaba ɗaya ba tare da saƙon da zai nuna maka layin da ya lalace ba. Ka ga an raba ka da mai faɗakar da kai, cutar kuma tana nan daram. Abin ya fi yi mini ciwo idan na ga ɗalibi ya saba da sa wannan layi a saman kowane aiki, don daga ranar ya daina tambayar kansa ina kiran ya nufa.

Akwai lokacin da kod yake daidai amma zurfin ya yi yawa. Bayan ka gyara, gwada `tara(5000)`: kira 2501 yake bukata a jibge, don haka zai faɗi da kuskure iri ɗaya. Bambance su ba wuya. Sa `print(n)` a layin farko na fanshin, ka duba lambobin ƙarshe da suka fito. Idan suna kusantar sifiri aka katse su, zurfi ne matsalar, kuma tunda wannan aiki layi ɗaya yake bi, sai ka sake rubuta shi da `while`. Idan kuwa sun wuce sifiri, ko lamba ɗaya ce take ta maimaituwa, laifin yana cikin tunanin da aka gina kod ɗin a kai.

Kuskure na gaba da nake hango maka shi ne mantawa da `return` a layin ƙarshe. Python ba zai yi ƙorafi nan take ba, `None` kawai fanshin zai mayar. A `tara(2)` shiru za ka ji, sai dai amsar ta fito `None`, amma a `tara(4)` za a nemi haɗa 4 da `None`, sai `TypeError` ya bayyana. Kafin jarrabawa, ka cire `return` ɗin da gangan, ka bi waɗannan kira biyu a takarda, sannan ka kunna shirin ka gwada abin da ka rubuta da abin da ya fito a allo.