Kwalliya, kwaskwarima da algus wajen sayar da gida

"Malam, gidan gadonmu ne a Kano muka sa a kasuwa, yau wata biyar babu tayin kirki. Dillali ya ce a yi masa 'yar kwaskwarima. Yayarmu ta ce kwaskwarima ai algus ce, kuma kwalliyar ba za ta biya kuɗin sabulu ba. Kuɗin hannunmu kaɗan ne. Wa ya fi gaskiya a cikinsu?"

Allah ya jiƙan mahaifinku, ya sa ku rabu lafiya. Ɗan'uwa, kalmomi uku ne suka cakuɗe muku, kuma in ka warware su za ka ga inda ya kamata kuɗin ya tafi.

Kwalliya dangin kwalli ce, wanda ake sa wa a ido. Kwalli ba ya ƙara wa ido gani, ba ya kuma ɓoye makanta, fito da kyan da ke wurin kawai yake yi. Kwaskwarima kuwa gyara ne na sama-sama, a taɓa nan a taɓa can ba tare da an rushe an sake ba, shi ya sa ake cewa majalisa ta yi wa doka kwaskwarima. Kalmar ba ta ɗauke da zargi sai in an yi ta a inda ake bukatar babban aiki. Algus daban take. Daga Larabci muka aro ta, ma'anarta ha'inci: a zuba wa nono ruwa, ko a jera manyan tumatir a saman kwando a binne ruɓaɓɓu a ƙasa. A Sahihu Muslim an ruwaito Manzon Allah (SAW) ya cusa hannu cikin tsibin abinci ya ji danshi a ƙasa, ya tambayi mai shi me ya hana ya ɗora jiƙaƙƙen a sama mutane su gani. Saboda haka tsoron Yaya yana da tushe, sai dai ba kowane goga da bokitin fenti ne algus ba. Tambaya ɗaya ce take raba su: da mai saye zai tsaya yana kallonku kuna aikin, za ku ji kunya?

Ga misali a kusa. A ce akwai tabon ruwa a silin ɗin ɗakin da ke kurya, ruwan ƙasa-ƙasa, zagaye kamar faifai. In kuka shafe shi da fenti a watan Janairu kuka yi shiru, kun san ba za a gane ba sai damina ta kankama, wajen Yuli ko Agusta. Wannan algus ce tsantsa, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Amma in kafinta ya hau ya duba, sau da yawa ƙusa ce ta saki ko kwano ɗaya ya huje, ko indararo ya toshe da ganye ruwa yake komowa. A gyara wannan tukuna, a bar silin ya bushe sarai, sannan a fara shafa wa tabon fenti mai mai kafin a bi da na ruwa. In aka sa na ruwa kai tsaye, tabon zai sake hudowa cikin 'yan kwanaki. Wannan sunansa gyara, fentin da ya biyo baya kuma kwalliya. Haka gindin bangon da yake fitar da farin gari kamar gishiri yana kwaɓar da fenti: danshi ne yake tasowa daga ƙasa, galibi daga kwata ko bututun da ke tsiyaya a bayansa. In kuɗinku bai kai ga magance shi ba, ku kankare ku bar shi a fili, ku faɗa wa mai saye, a rage a farashi.

Sai karin maganar da Yaya ta kawo. Kwalliya ta biya kuɗin sabulu na nufin abin da aka kashe ya dawo har da riba. Ku lura, sabulu aka ce, ba a ce gwal ba. Ni a fahimtata hikimar tana nan: abin da ya fi araha shi ya fi saurin biyan kansa. A gida kuwa abu mafi araha shi ne kwashewa. Gidan gado yakan cika da kayan da kowa yake jin nauyin taɓawa: tsohon keken ɗinki, akwatunan ƙarfe, turmin da ya tsage, ragowar bulo a tsakar gida. Na san ciwon fitar da su, don kowanne da fuskar da yake tuno maka. Amma mai saye fili ya zo gani, kuma ɗakin da aka cika yana ƙanƙancewa a ido. A raba wa magada abin rabawa, a kira 'yan gwangwan su saye ƙarafan, kuɗin ma ya shiga na fenti.

Bayan kwashewa, sai ƙofar gida da zaure, wanda ku Kanawa kuke kira soro. Bahaushe ya ce ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima, kuma mai saye yakan yanke ƙimar a ransa tun yana cire takalmi. A share ƙofar gida, a yashe kwata, a kankare tsatsar ƙyaure a shafa masa fenti, a sa wa maƙalansa mai don kada ya yi kuka in an tura. In bokitin fenti ɗaya kawai za ku iya saya, nan za a fara kai shi, sai falo. Bokiti mai lita 20 na fentin ruwa mai kyau yakan ishi kusan ɗaki biyu masu ƙafa 12 kowane ɓangare, shafi biyu. Mai araha ba ya kaiwa haka. Ku zaɓi fari ko ruwan madara, launi ɗaya ko'ina. Shuɗi mai kauri ko kore shar ra'ayin mutum ɗaya ne, wanda bai so ba zai fara lissafin kuɗin sakewa ya zare daga tayinsa.

Akwai abin da karin maganar ido ba ta ambata ba, wato hanci. Gidan da ya yi watanni a rufe, ruwan da ke kwance a lanƙwasar bututun banɗaki yakan ƙafe, sai warin masai ya samu hanyar dawowa. Bokitin ruwa ɗaya a kowane rami yana maganin wannan. Turaren wuta a kan wari kuwa ba ya ɓoye komai, sai ma ya sa baƙo zargi. A wanke, a buɗe tagogi tun da safe, sannan in an so a turara kaɗan.

Inda nake goyon bayan Yaya ɗari bisa ɗari shi ne manyan ayyuka. Kada ku ci bashi ku shimfiɗa tayil ko ku sauya silin gaba ɗaya. A tsoffin unguwanni da yawa mai saye filin yake so, rushewa zai yi ya sake gini, kun ga kenan an yi gyaran gangar Auzinawa, an kashe kuɗi an koma baya. Ku tambayi dillalin kai tsaye: waɗanda suka zo gani a wata biyar ɗin nan, masu shiga su zauna ne ko masu rushewa? In masu rushewa ne, shara da kwashe kaya sun wadatar, sai ku haɗa takardun gida da na rabon gado wuri ɗaya. In masu zama ne, ku bi jerin nan, kwashewa, yoyo, ƙofa da soro, sannan fenti, ku kuma roƙe shi ya riƙa kawo mutane da hantsi, lokacin da haske ya cika tsakar gida kuma ɗakuna ba su ɗauki zafi ba.