Fitilar AdBlue ta kama, allon mota na ƙirga kilomita

Tambaya: "'Yan uwa, na sayi bas 'yar Kwatano mai shan dizal, ƙirar 2018. Jiya ta rubuta `AdBlue`, ta ce saura kilomita 800 ba za ta ƙara tashi ba. Ga shi jibi zan yi lodi daga Kano zuwa Abuja. Da gaske take, ko barazana ce kawai?"

Malam, da gaske take, kada ka yi wannan tafiyar sai ka zuba ruwan AdBlue, mai tsabtace hayaƙi. Na daɗe ina gyaran motocin dizal na zamani, kuma wannan ƙirga ba ta san lallashi ba.

Ruwan ba ya shiga inji ko kaɗan. Yuriya ce mai tsabta kashi 32.5 cikin ɗari, sauran tataccen ruwa. Tankinsa daban ne, murfinsa shuɗi, yawanci kusa da na dizal. Motar tana fesa shi a cikin salansa, zafi ya mayar da shi amoniya, ita kuma ta karya gubar hayaƙin ta koma iska da tururi. Don haka in ya ƙare injin lafiyarsa lau. Dokar hayaƙi ta Turai, wadda ake kira Yuro 6, ita ce ta tilasta wa masu ƙera mota su sa kwamfuta ta hana tashi. Gargaɗin farko kan zo tun saura kilomita 2,400, wato mai yiwuwa taka ta jima tana magana.

Yi lissafi: Kano zuwa Abuja da dawowa ya haura kilomita 800, ban da yawon cikin gari. Ƙirgar za ta kai sifili kana hanyar dawowa. Ba za ta mutu a tsakiyar titi ba, za ta ci gaba da tafiya. Amma da zarar ka tsaya sallah ko shan mai ka kashe ta, shi ke nan. Turi ba ya tayar da ita, canza batir ma haka, cire kan batir kuma ba ya goge ƙirgar.

Wajen zubawa, nemi jarka mai hatimi da aka rubuta `ISO 22241` a jikinta, ka duba ranar da aka yi shi. Zafinmu na lalata shi, wanda ya yi watanni a rana bakin shago ba abin saye ba ne. Ajiye motar a wuri mai daidai, kashe ta, ka zuba da bututun da ya zo da jarkar ko sabon mazurari, ban da wanda ya taɓa mai. Kada ka zuba lita ɗaya ka ce gwaji kake, motoci da yawa ba sa ganewa sai an zuba kamar lita biyar, littafin motar zai faɗi nata adadin. Lita goma ta fi. Kada kuma ka cika har baki, wasu sensa sukan rikice. Sannan ka buɗe ki ba tare da ka tayar ba, ka jira kamar rabin minti ko minti ɗaya. A wasu, sai an ɗan yi tafiya rubutun ke ɓacewa. In ya zuba a jikin mota ka wanke da ruwa nan take, yana bushewa ya bar farin gishiri.

Inda mutanenmu ke jawo wa kansu asara shi ne dabara. Wani zai ce ai yuriya ce, ya jiƙa takin gona da ruwan rijiya. Takin yana da ƙazanta da sinadaran hana dunƙulewa, ruwan yana da gishiri, su ke toshe nozul su kashe tukunyar tace hayaƙin. Wani kuma ruwan leda zalla yake zubawa. Akwai sensa da ke auna hayaƙin bayan tukunyar, in ta ga gubar ba ta ragu ba sai ƙirga ta dawo, ko da tanki a cike yake.

Wannan ce ma hanyar gane ko matsalarka ƙarewa ce ko lalacewa. In ka zuba mai kyau, ka yi tafiya, ƙirga na ci gaba da sauka, musamman in fitilar inji ta kama tare, to ba ƙarancin ruwa ba ne. Ko famfon tankin ne, ko nozul ya toshe da gishirin nan, ko sensar hayaƙi. Nan sai bakanike mai na'urar gwaji, kuma ka je tun da sauran kilomita, domin bayan gyara motar kan buƙaci tafiya kafin ta yarda an gyara. In ta kai sifili da irin wannan matsala, sai an buɗe ta da kwamfuta.

In kuwa yaron mota ya yi kuskure ya zuba AdBlue a tankin dizal, ko ki kada a buɗe. Buɗe ki kaɗai na iya kunna famfon mai ya tura ruwan cikin layi. A ja motar a zubar da tankin gaba ɗaya.