Hit ratio na CDN ya faɗi farat ɗaya

"Jiya 94% ne, yau 61%, kuma ban taɓa saitin CDN ba. Me ya faru?"

Malam, fara lissafa shi da kanka daga log: HIT ÷ (HIT + MISS). HIT shi ne buƙatar da CDN ya amsa daga ma'ajiyarsa, MISS kuma wadda sai da ya je sabarka ya ɗauko fayil ɗin. A log ɗin CloudFront, `x-edge-result-type` ne ke nuna wannan.

Faɗuwar da ta biyo bayan purge, wato share ma'ajiyar CDN, kan farfaɗo da kanta yayin da ma'ajiyar ke sake cika. Idan ta tsaya cak, ni zargina na kan sabarka. Na taɓa ganin an liƙa `?t=1718000000` a adireshin hotuna, lambar na canzawa kullum, sai CDN ya ɗauki kowane adireshi a matsayin sabon fayil. Tara adireshin da suka fi yin MISS, za ka gani. In ba shi ba ne, gwada `curl -I` ka duba ko `Cache-Control: no-store` ya shigo da sabuntawar jiya.