Shafin riƙon amana da mai sayarwa ya zaɓa

Tambaya: Na ga mota Toyota Corolla a intanet a kan naira miliyan shida, mai ita ya ce tana Kwatano. Ya turo mini adireshin wani shafi da zai riƙe rabin kuɗin amana har motar ta iso Kano, amma asusun da shafin ya ba ni sunan mutum ne a kansa. In tura?

Amsa: Malam, kada ka tura ko sisi. Riƙon amana na gaskiya yana aiki ne idan mai riƙon ba yaron ɗayanku ba ne: ka ba shi kuɗi, kaya su iso hannunka, ka duba ka gamsu, sannan ya miƙa wa mai kaya. Idan kuwa mai motar ne ya kawo shafin, ya kuma nace cewa sai shi, to akwai yiwuwar shi ya gina shi da kansa, ka ga an ba kura ajiyar nama ke nan. Sunan mutum da ka gani a kan asusun ya isa hujja, domin kamfani mai rajista yana karɓar kuɗi ne a asusun da ke ɗauke da sunansa, ba na wani ma'aikaci ko wakili ba.

Ka buɗe lookup.icann.org, ka rubuta adireshin shafin, za ka ga ranar da aka yi masa rajista. Shafin da ke iƙirarin shekara goma yana aiki, alhali adireshinsa bai cika wata biyu ba, ya tona asirin kansa. Hoton ɗan kwaɗo da ke gefen adireshi kuma kada ya ruɗe ka, don kyauta ake samunsa, kuma ba ya faɗin komai game da gaskiyar masu shafin. Wasu ma kwafe fuskar Escrow.com suke yi, kamfanin riƙon amana da ke aiki tun 1999, su ƙara harafi ɗaya a adireshin.

Da za ka tura miliyan ukun nan, shafin zai nuna maka su a rubuce kamar suna ajiye, har da lambar bin sawun mota, alhali an riga an kwashe su zuwa wasu asusun. Bayan 'yan kwanaki sai a ce motar ta maƙale a iyakar Seme, ana bukatar kuɗin kwastan ko na inshora, a yi ta tatsarka har ka gaji, sannan shafin ya ɓace.

Gwajin da na fi yarda da shi shi ne ka ce masa kai za ka zaɓi mai riƙon, ko kuma za ka tura wani naka da ke Kwatano ya ga motar, ya gwada lambar jikinta da ta takardu. Mai mota na gaskiya ba ya gudun wannan, shi kuwa ɗan damfara nan take zai fara cewa wani mai saye yana jira. In har ka riga ka tura wani abu, ka je bankinka yau ɗin nan da shaidar turawa su nemi a tsare asusun da ya karɓa, sannan ka kai ƙara EFCC tare da hotunan hirarku.